Waya Ta Faɗa Ruwa: A Kashe Ta Tukuna, a Bar Shinkafa a Buhunta

Wayar hannu ba ta cika faɗawa ruwa a wani wuri na musamman ba. A bokitin wanki take faɗawa, ko a wajen alwala ta zame daga aljihun gaba lokacin da mutum ya sunkuya wanke ƙafa, ko ruwan sama ya ritsa da mai ita a kan babur, ko yaro ya tsoma ta cikin kofin shayi. Abin da ke biyo baya kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai waya zai tsamo ta, ya goge da gefen riga, ya danna ya ga ko tana kawo wuta. In ta ƙi, ya jona caji. Sai wani na kusa ya ce a tura ta cikin shinkafa ta kwana uku.

Waɗannan matakai uku, wato kunnawa da jona caji da binnewa a shinkafa, su ne suka fi kashe wayoyin da da za su rayu. Dalili kuwa shi ne yawancinmu mun ɗauka matsalar jiƙewa ce kawai, maganinta kuma bushewa. Ainihin ɓarnar tana faruwa ne idan abu uku suka haɗu a cikin waya: ruwa mai datti, wutar batir, da lokaci. Wanda ya gane haka zai san abin yi ko da ba a lissafa masa ba.

Abin da ruwa ke yi a cikin waya

Idan aka buɗe bayan waya, za a ga wani faifai siriri wanda masu gyara ke ce wa inji ko fanel. A kansa akwai ɗaruruwan ƙananan kayan wuta, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, da hanyoyin tagulla masu sirantaka da ke kai wuta daga wannan zuwa wancan. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun wasu kayan ba ta kai rabin milimita ba. Ɗigon ruwa guda yana iya kwanciya a kan ƙafafu goma a lokaci ɗaya.

Tataccen ruwa wanda ba komai a cikinsa ba ya ɗaukar wuta sosai, amma ba shi muke amfani da shi ba. Ruwan rijiya da na burtsatse da na famfo duk suna ɗauke da gishiri da ma'adinai da suka narke a ciki, su ne ke sa wuta ta bi ta cikin ruwan. Da zarar irin wannan ruwa ya haɗa hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba, wuta za ta tsallaka. Wannan ne masu gyara ke nufi idan suka ce waya ta yi shot. Batirin waya yana ba da wuta wajen bolt 4. Caja tana kawo bolt 5, mai saurin caji kuma tana iya kai 9 ko fiye. Fitilar da ke haska sikirin a wayoyi da yawa tana aiki da wutar da aka ɗaga ta kai kusan bolt 20. Alhali ƙwaƙwalwar wayar da wajen bolt 1 take aiki. Idan ruwa ya kai babbar wuta inda ƙarama ake bukata, abin da ke wurin zai ƙone nan take. Shi ya sa kunna jiƙaƙƙiyar waya ko jona ta a caji yake da haɗari haka: an tura wuta cikin kowace hanya a daidai lokacin da ruwa ya yi gada a tsakaninsu.

Ɓarna ta biyu a hankali take zuwa, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane. Idan wuta tana ratsa ruwa tsakanin ƙarafa biyu, ɗaya daga cikinsu yakan fara narkewa. Tagulla da dalma suna zagwanyewa, su bar wani gari kore ko fari a kan inji. A cikin 'yan sa'o'i ake fara ganinsa idan akwai wuta. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ko an kashe waya, muddin batir yana jone, akwai hanyoyin da wuta ba ta yankewa a cikinsu. Kashe waya yana rage ɓarnar ƙwarai, amma cire batir ne kaɗai ke tsayar da ita.

Bayan haka, ko ruwan ya bushe, abin da ya shigo da shi ba ya tafiya. Kamar farin zanen da gumi ke bari a bakin hula bayan ya bushe, haka gishiri da sabulu da sukari ke kwanciya a kan inji. Wannan saura yana janyo laima daga iska, musamman da damina, ya ci gaba da cin ƙarfe. Wayar da aka ce ta warke yau tana iya mutuwa bayan mako uku, mai ita ma ya manta ta taɓa shan ruwa.

Mintuna goma na farko

Kafin komai, a duba lafiyar mutum. Idan wayar tana jone da caji lokacin da ta faɗa ruwa, a kashe soket daga bango kafin a sa hannu. Idan kuma rijiya ko ramin masai ta faɗa, kada kowa ya shiga ɗauko ta. Iskar da ke taruwa a irin waɗannan ramuka tana sumar da mutum cikin ƙanƙanin lokaci, kuma an sha rasa rayuka ta haka, har da na waɗanda suka bi don ceto.

Da an tsamo waya, a kashe ta idan tana kunne. Kada a tsaya buɗe wani abu don gwaji. Idan sikirin ya ƙi amsa taɓi, a goge shi ya bushe a sake gwadawa, domin ruwan da ke kan gilashi kaɗai yana rikita shi. Idan kuwa ta mutu da kanta, a bar ta a mace. Son a ga ko tana da rai shi ne jarabar da ta fi wuyar dannewa, kuma a wannan dannawa guda ɗaya ake rasa wayoyi da yawa.

Idan wayar mai buɗaɗɗen baya ce, irin ƙananan Nokia da Itel da Tecno masu madannai, a zare batir nan da nan. Wannan ne babban dalilin da ya sa ƙananan wayoyi suka fi tsira daga ruwa: mai su yana iya yanke musu wuta da farcensa cikin daƙiƙa biyar. Manyan wayoyin yanzu batirinsu a manne yake a ciki, kuma bai kamata a ɓanɓare bayansu da wuƙa a gida ba, domin huda batir yana iya ta da wuta.

Sannan a tuɓe mata riga, a cire abin sauraro da duk wata igiya, a zaro layi da memori. Waɗannan biyu galibi ba abin da ke samunsu, gogewa kawai suke bukata. Zare mazaunin layi kuma yana buɗe wata 'yar kafa da iska za ta shiga. A goge jikin wayar da tsumma mai taushi wanda ba ya zubar da zare. A riƙe ta bakin caji yana kallon ƙasa, a ɗan bubbuga ta a tafin hannu a hankali don ruwan da ke bakin ya fito. Kada a yarfa ta da ƙarfi, kada a hura mata iska da baki, kada a zura tsinke ko auduga a bakin cajin. Yarfawa da hurawa suna tura ruwan da ke bakin ƙofa zuwa ƙuryar ɗaki.

Daga nan sai a jingina ta a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a gaban fanka idan akwai wuta. Wannan jingina ta jiran tafiya wurin mai gyara ce. Idan ruwa ya shiga ciki da gaske, kwana ɗaya ma ya yi yawa.

Wane ruwa, kuma wace waya?

Abin da za a yi bayan wannan ya dogara da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce irin ruwan. Ruwan sama da ya fantsama ko tsabtataccen ruwan sha su ne masu sauƙi. Ruwan omo ya fi su muni, domin sabulu yana sa ruwa ya kutsa ta kafofin da ruwa zalla ba zai bi ba, ga shi cike da sinadarai masu ɗaukar wuta. Shayi da lemo da kunu da miya suna barin danƙo da gishiri da tsami. Ruwan kwata da na masai sun haɗa duka. Ruwan teku kuwa, ga mazauna Legas ko Akra ko Fatakwal, yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake cinye inji. Duk wayar da ta nutse a ɗaya daga cikin waɗannan, bushewa kaɗai ba za ta ishe ta ba, sai an buɗe an wanke.

Tambaya ta biyu ita ce ko wayar tana da kariyar ruwa. A kwalin wasu wayoyi za a ga an rubuta IP67 ko IP68. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya wuce haka, kuma kamfani ne ke faɗin iyakarsa: manyan wayoyin Samsung da yawa mita 1.5 ne na minti 30, iPhone 12 da yawancin na bayanta kuma mita 6 na minti 30. Wasu wayoyin masu sauƙin kuɗi suna ɗauke da IP53 ko IP54, wanda yayyafi da fantsama kawai yake karewa, ban da nutsewa.

Sai dai an yi gwajin ne da sabuwar waya, a ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi. Kariyar ba wani abu ba ce illa gam da 'yan robobi da raga a bakin sifika, kuma suna saki da tsufa da zafi da faɗuwa. Wayar da gilashinta ya tsage, ko aka taɓa canza mata sikirin ko batir, sai a ɗauka ba ta da kariya. Wannan ya shafi yawancin wayoyin hannu-biyu da ake shigo da su kasuwanninmu, domin mai saye ba ya sanin sau nawa aka buɗe su. Kamfanonin da kansu, irin su Apple da Samsung, ba sa sa ɓarnar ruwa cikin garantin da suke bayarwa, ko da wayar tana da IP68.

Idan wayar mai kariya ce kuma lafiyayya, wadda ba a taɓa buɗewa ba, to abin da sauƙi. In ruwan gishiri ko lemo ya taɓa ta, a ɗauraye wurin da ruwa mai tsabta a hankali, a goge, a bar ta ta sha iska. Wasu wayoyin suna yin gargaɗi da kansu. iPhone kan nuna "Liquid Detected in USB-C Connector" ko makamancinsa, Samsung kuma ta nuna alamar ɗigon ruwa ta ƙi karɓar caji. Wannan ba lalacewa ba ce, wayar tana kare kanta ne. Shawarar Apple ita ce a jira aƙalla minti 30 kafin a sake gwada caji, kuma bushewa sosai tana iya ɗaukar har awa 24.

Me ya sa shinkafa ba magani ba ce

Tunanin da ke bayan shinkafa ba na wauta ba ne. Kowa ya ga yadda take shanye ruwa a tukunya, kuma masu ɗaukar hoto sun daɗe suna ajiye ta kusa da kayan aikinsu a wurare masu laima. Amma shan ruwa a tukunya daban, janyo ruwa daga cikin rufaffiyar waya daban. Shinkafa tana shan ruwan da ya taɓa ta, musamman da zafi. Ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin garkuwar ƙarfe a kan inji bai taɓa ta ba. Sai ya fara zama tururi, ya lallaɓo ta 'yar kafar caji ko sifika, kafin ya iso inda take. Abin da ke hanzarta wannan fita shi ne iska mai motsi, ita kuwa ce ake toshewa idan aka tura waya cikin kwano aka rufe.

Ƙari a kan haka, shinkafar da ke buhu ba busasshiya ba ce ƙayau. Akan adana ta ne da laima kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, kuma ta riga ta daidaita da iskar ɗakin da take. Ba ta da wata ƙishirwar da za ta sa ta zuƙo ruwa da ƙarfi. A shekarar 2014 wani kamfanin sayen tsofaffin wayoyi a Amurka mai suna Gazelle ya gwada abubuwa daban-daban da ake cewa suna busar da waya. Ɗanyar shinkafa ce ta zo ƙarshe, kuma barin abu a fili ya sha iska ya fi ta aiki. A farkon 2024 kuma jaridun duniya suka yi ta yayata gargaɗin da kamfanin Apple ya sa a shafinsa na taimako, inda ya ce kada a sa iPhone a shinkafa domin ɓurɓushinta na iya lalata wayar. Garin shinkafa idan ya haɗu da laima yana zama kamar koko a bakin caji da ragar sifika, karyayyar ƙwaya kuma tana iya maƙalewa a ramin abin sauraro. Shinkafar gida da ba a tsince ba ta fi ƙura da tsakuwa.

Duk da haka, babbar illar shinkafa ita ce lokacin da take cinyewa. Mutum ya binne waya, hankalinsa ya kwanta cewa yana magani, ya ƙirga kwana uku. A cikin kwanakin nan batir yana jone, ruwa yana kwance a kan inji, ƙarfe yana narkewa. Aikin da mai gyara zai gama da wanki kawai a ranar farko ya koma na canza kaya a rana ta huɗu, ko ma ya gagara. Ko da a ce shinkafar ta busar da ruwan tas, ba za ta ɗauke gishiri da sabulun da suka kwanta a ciki ba.

To me ya sa mutane da yawa ke rantsuwa cewa ta yi musu aiki? Domin wasu wayoyin ruwan bai shiga cikinsu sosai ba tun farko, da a kan tebur aka ajiye su ma da sun tashi. Alheri guda da shinkafa ta yi musu shi ne ta hana mai su dannawa da jona caji na kwana biyu. Wanda tasa ta tashi yakan ba da labari, wanda tasa ta mutu kuma ya ce ƙaddara ce, sai shaidar ta taru a gefe ɗaya.

Akwai 'yan ƙunshin silika, waɗannan fararen ƙwayoyi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Sun fi shinkafa janyo laima nesa ba kusa ba, amma sai sababbi ne kuma masu yawa, a cikin mazubi mai murfi. Waɗanda suka daɗe a fili sun riga sun ƙoshi. Su ma ba sa wanke datti.

Zafi ma ba mafita ba ne. Shanya waya a kan kwanon rufi ko bangon gida, ko kusa da murhu, ko hura mata na'urar busar da gashi, duk suna da illa. Batirin waya ba ya son zafin da ya wuce digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, baƙar waya a ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa tana zarce haka cikin mintuna. Zafi yana kumbura batir, ya saki gam ɗin sikirin, ya mai da ruwan tururi ya watsu zuwa kyamara da sauran wuraren da bai kai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inuwa da fanka sun wadatar, kuma busasshiyar iskar hunturu ta fi ta watan Agusta saurin aiki.

A teburin mai gyara

Mu ɗauki misalin da ya fi yawa. Uwargida tana wanki da hantsi, wayarta babba mai mannannen batir, marar kariyar ruwa, ta zame cikin bokitin omo. Ta yi kamar daƙiƙa goma kafin a lalubo ta. Tana kunne, sai aka kashe, aka zare layi, aka goge, kafin azahar an kai ta kasuwar waya, a ce Farm Centre a Kano ko makamanciyarta a kowane gari.

Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara da tambaya: Hajiya, wane irin ruwa ne, tun yaushe, kin kunna ta, kin sa ta a caji? A gaya masa gaskiya, domin amsar ce ke nuna masa inda zai duba. Zai ɗan ɗumama bayan wayar don gam ya saki, ya buɗe, abu na farko kuma ya cire igiyar batir. Zai duba wata 'yar takarda da ake liƙawa a ciki, fara ce, amma tana komawa ja ko ruwan hoda idan ruwa ya taɓa ta. A wayoyi da yawa ana iya hango ta ta ramin mazaunin layi da tocila, a ƙananan wayoyi kuma tana jikin batir ko ƙarƙashinsa. Mai sayen waya hannu-biyu ma yana da kyau ya leƙa wurin.

Daga nan zai zare igiyoyin sikirin da kyamara ya ware su, ya fito da inji shi kaɗai. A ƙarƙashin madubin ƙara girma zai bi bakin kowane mahaɗi yana neman koren gari ko ƙafar da ta yi baƙi. Wankin da ya dace ana yin sa ne da sipirit mai suna aisofurofil, mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, da buroshi mai laushi. Wannan sipirit yana haɗewa da ruwa ya kore shi, ya bushe da sauri bai bar komai ba. Shagunan da suka fi kayan aiki suna da wata 'yar tukunyar lantarki da ke girgiza ruwan wanki da sauti, ta kakkaɓo dattin da ke ƙarƙashin kayan da buroshi ba ya kaiwa. Fetur da tina ba su dace ba, suna cin roba kuma suna barin maiƙo.

Bayan inji ya bushe, ba batirin wayar zai mayar ba tukuna. Zai jona injin da na'urar ba da wuta ta kan tebur ya zuba wa ma'auninta ido. Idan allurar ta tsaya a sifili har sai da ya danna makunni, alama ce mai kyau. Idan ta yi tsalle tun kafin ya taɓa komai, akwai shot, sai ya bi ya gano abin da ke ɗaukar zafi ya cire shi. Sau da yawa wani ɗan ƙaramin abu ne guda ɗaya mai araha. A irin wannan misali, inda aka kashe da wuri aka kawo a ranar, wanki da wataƙila canjin bakin caji ko sifika sukan wadatar. Da wayar ta kwana uku a shinkafa aka kuma gwada ta a caji, abin da zai tarar shi ne mahaɗin sikirin da ya zagwanye da sashen caji da ya ƙone.

Mai waya yana da hakkin ya tambaya ko za a fito da inji a wanke. Wanda ya buɗe baya kawai ya hura iska mai zafi ya rufe, ya busar ne, bai wanke ba, kuma dattin yana nan.

Alamomin da ke nuna ɓarnar ta zauna

Wasu alamun masu wucewa ne. Sifikar da muryarta ta dushe takan washe cikin kwana ɗaya ko biyu idan ragarta ta bushe. Gargaɗin laima a bakin caji shi ma yakan tafi. Idan suka wuce kwana biyu zuwa uku, to ba jiƙewa ba ce kuma.

Hazo a cikin gilashin kyamara shaida ce cewa ruwa ya shiga ciki, ko da komai yana aiki. A sikirin kuma akan ga tabo mai duhu ko mai haske kamar taswira, ko layuka kore ko fari, ko ƙyaftawa. Irin wannan tabo yana iya raguwa amma da wuya ya ɓace, layukan kuwa sai canjin sikirin. Idan waya tana danna kanta, tana buɗe abubuwa ba a taɓa ta ba, ko wani yanki ya daina amsawa, ruwa ya taɓa sashen taɓi ko mahaɗinsa. Wayar da ke nuna alamar abin sauraro alhali ba a jona ba, ko take karɓar caji sai an karkata igiya, tsatsa ce a bakinta, kuma wannan gyara ne mai sauƙi.

Alamun da suka fi nauyi su ne na inji. Waya ta riƙa ɗumi tana ajiye ba a amfani da ita, caji ya riƙa zuba, ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, sabis ya riƙa ɓacewa a inda wasu ke samu. Akwai gwaji mai sauƙi: a cika ta da caji, a sa ta a yanayin jirgin sama, a bar ta ta kwana. Lafiyayyar waya kaɗan za ta rage. Idan aka wayi gari ta zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ko tana da ɗumi, wuta tana yoyo a wani wuri. Yana da kyau kuma a gwada kowane sashe da gangan: a yi kira a kunne da kuma a sifika, a naɗi murya a saurara, a ɗauki hoto gaba da baya, a gwada zanen yatsa. A yawancin wayoyin Samsung, danna wannan a wurin kira yana buɗe shafin gwajin sikirin da sifika da sauransu:

```
*#0*#
```

Alama guda ce ba ta jira, ita ce ta batir. Idan bayan waya ya ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da jiki, ko ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko ta yi zafin da ba ta riƙuwa, a daina caji nan take. Kada a danne kumburin, kada a kwana da ita kusa da katifa. A ajiye ta a kan siminti nesa da abin da ke kama wuta har a kai ta a cire batirin.

Abu na ƙarshe ya shafi abin da ke cikin wayar, wanda sau da yawa ya fi ta daraja. A wayoyin zamani ma'ajiyar hotuna da saƙonni a like take da inji, kuma a kulle take da mabuɗin da ke cikin ƙwaƙwalwar wayar. Ba a iya ciro ta a sa a wata waya kamar memori. Idan inji ya mutu, sai an farfaɗo da shi kafin a ga komai. Saboda haka, duk ranar da wayar da ta sha ruwa ta tashi, aikin farko shi ne kwashe kaya: hotuna zuwa kwamfuta ko wata waya, lambobi zuwa asusun Google, saƙonnin WhatsApp kuma a yi musu ajiya daga cikin saitinsa. Mai sana'ar da ke riƙe lissafin bashi da lambobin abokan ciniki a waya ya fi kowa bukatar wannan. Ko an wanke inji da kyau, babu mai gyaran gaskiya da zai yi alƙawarin shekara, domin ba a ganin abin da ke ƙarƙashin kowane abu. Idan wata ɗaya ya wuce ba zafi, ba zubar caji, ba mutuwa da kai, ana iya sakin jiki da ita. Idan kuwa alamun inji suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da za a yi ta zubawa a gyara gara a tara shi a kan wata wayar, tun wannan tana iya miƙa abin da ke cikinta.